Maikirowef Na Juyawa Amma Abinci Bai Yi Zafi Ba: Abin Da Za Ka Duba, Da Abin Da Ba A Taɓawa

A yau akwatin ɗumama abinci da ake kira maikirowef ya shiga gidaje da yawa a biranenmu, har ya zama ana sa shi cikin kayan ɗakin amarya. Akwai wata matsala da kusan kowane mai shi zai gamu da ita wata rana: ka sa tuwo, ka rufe ƙofa, ka danna, fitilar ciki ta kama, faranti ya yi ta kewayawa, fanka na huci, lokaci ya cika ƙararrawa ta buga, ka buɗe ka tarar da tuwo da sanyinsa yadda ka sa shi. Daga nan sai zuciya ta ce maka ai ɗan abu kaɗan ne, tunda komai na aiki, bari a ɗauko sukundireba a leƙa. Wannan takarda an rubuta ta ne domin ta tsai da hannunka kafin ya kai ga sukundireban nan, ta kuma nuna maka abin da kake iya dubawa da kanka ba tare da ka kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Gida biyu a akwati ɗaya

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, juyawar faranti da hasken fitila ba su shaida kome game da lafiyar na'urar. Su waɗannan, da fanka, suna cin wutar soket ne yadda ta zo, wato bolt 230 ko abin da ya yi kusa da haka, kuma ɗan abin da suke buƙata bai taka kara ya karya ba. Zafi kuwa daga wani sashe dabam yake fitowa, wanda ke ɓoye bayan madannai, ƙarƙashin murfin ƙarfe.

A can akwai abubuwa huɗu da ke aiki a jere. Akwai taransifoma, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi wanda shi ne ke sa gefe ɗaya na akwatin ya rinjayi ɗayan in ka ɗaga. Aikinsa ya karɓi bolt 230 ya mai da shi wajen bolt 2,000. Sai kafasita, irin abin da masu gyaran fanka ke kira kwandansa, sai dai wannan babba ne, gwangwani ne mai sheƙi kamar na kifi, yana tara wuta yana riƙewa. Sai dayod, ɗan baƙin abu da bai fi ɗan yatsa ba, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Kafasita da dayod su ne ke haɗa kai su ninka wutar ta kai wajen bolt 4,000. Na huɗu shi ne maganetiron, uban tafiya, wanda ke karɓar wannan wuta ya mai da ita igiyoyin da ba a gani, masu kai da komowa sau miliyan 2,450 cikin daƙiƙa ɗaya. Su ne ke shiga cikin abinci su girgiza ruwan da ke jikinsa har ya yi zafi.

Asalin maganetiron ba don girki aka yi shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka inganta shi a Ingila, a 1940, domin na'urar hango jiragen sama. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer ne ya lura a 1945 cewa alewar da ke aljihunsa ta narke yana tsaye kusa da shi, daga nan tunanin dafa abinci da shi ya samo asali. Ka ga ke nan abin da ke kan kantar kicin ɗinka ɗan gidan kayan yaƙi ne, kuma bai bar halin gidansu ba.

In ɗaya cikin huɗun nan ya mutu, ko wuta ta kasa isa gare su, zafi ya ɗauke, amma fitila da faranti ba su ma san an yi ba.

Abin da za ka duba da kanka

Fara da gwajin ruwa. Zuba ruwa kwatan lita a kofin tangaran ko na gilashi, sa shi a tsakiya, zaɓi ƙarfin na'urar mafi girma, ba shi minti biyu. Mai lafiya zai kai ruwan nan ga tafasa ko dab da ita. In ya fito da ɗumi-ɗumi, na'urar na aiki amma ta raunana. In ya fito kamar daga randa, babu zafi ko kaɗan. Kada ka taɓa yin gwaji da akwatin wayam, domin igiyoyin da ba su sami abin shiga ba komawa suke yi kan maganetiron su gasa shi.

Kana wannan gwaji, kasa kunne. A na'ura mai lafiya, daƙiƙa biyu ko uku bayan ka danna, za ka ji wani gurnani mai kauri ya shigo ƙarƙashin ƙarar fanka, fitilar ciki ma takan ɗan dusashe kaɗan. Wannan alama ce maganetiron ya kama aiki. In ba ka ji kome ba sai shuuu na fanka daga farko har ƙarshe, to wuta ba ta kai can ba, ko kuwa ta kai ba ta tarar da mai karɓa ba. In kuma gurnanin ya wuce kima, kamar injin markaɗe, ga warin ƙonewar waya, to kashe nan take ka zare fulogi. Galibi dayod ne ko maganetiron ya haɗe ta ciki, kuma ci gaba da kunnawa zai ƙone taransifoma, gyaran kwabo ya koma na fam.

Sai ka duba abin da aka danna. Na sha ganin an kai na'ura wurin gyara alhali yaro ne ya murɗa maɓallin zuwa Defrost, inda maganetiron ke kamawa na 'yan daƙiƙoƙi ya huta na masu yawa, don narkar da ƙanƙarar nama. Wasu kuma suna da Demo, wanda aka yi don 'yan kasuwa su nuna kaya a shago: kome na motsi, amma da gangan aka hana zafi.

Yanzu ga wadda ta fi damun mu a nan ƙasar, kuma a nan nake so ka daɗe: ƙarancin ƙarfin wuta. Maganetiron ba kamar ƙwan fitila ba ne, da in wuta ta yi rauni zai ba da ɗan ja-ja. Shi yana da iyaka; in wutar da ta iso masa ba ta kai wannan iyaka ba, ba ya tashi sam. To taransifoma ninkawa kawai ya iya. In an ba shi 230 ya ba da abin da ake so, in an ba shi 170 ya ninka 170 ɗin, abin da zai fito kuwa ba zai ishi maganetiron ba. Shi ya sa a unguwar da wuta ke zuwa a raunane da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, maikirowef zai ƙi ɗumama miya, amma da asuba ya yi aiki lafiya lau. In ka lura da haka, na'urarka ba ta da laifi.

Haka zancen janareta. Adadin da aka rubuta a gaban akwati, a ce wat 800, abin da yake bayarwa ne cikin abinci. Abin da yake ja daga soket ya fi haka, yakan kai wajen wat 1,200, kuma a rubuce yake a takardar da ke manne a bayansa. Ƙaramin janareta mai cin fetur da baƙin mai a gauraye, wanda bai kai wat 1,000 ba, zai juya maka faranti, amma ba zai dafa maka kome ba. Za ka ji shi yana nishi kamar jaki a hawan tudu. Haka ƙaramin sitabilaiza, haka doguwar waya siririya da aka jona firji da tukunyar lantarki a kanta. Kai na'urar soket na bango, ita kaɗai, lokacin da wuta ke da ƙarfi, ka sake gwajin ruwa. Wanda kuma ya sayi ta hannu, ya karanta takardar bayan da kyau: waɗanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, sai da na'urar rage wuta, kuma in ita mai ragewar ƙarama ce, labarin bai canza ba.

Na ƙarshe, ƙofa. A bakinta akwai ƙugiyoyi biyu na roba da ke shiga ramuka su danna wasu ƙananan makunnai, galibi uku, da ke ɓoye a ciki. Su ne masu gadi: in ba su tabbatar ƙofa ta rufu ba, ba sa barin wuta ta wuce. A na'urori da yawa, in ɗaya ya gaji, fitila da fanka za su kama amma taransifoma ba zai sami kome ba. Maiƙon miya da ya daskare a ƙugiya, da bugun ƙofa da ƙarfi, su ke jawo haka. Zare fulogi, goge ƙugiyoyin da tsumma mai ɗan danshi, rufe a hankali ka ji ko sun ce ƙwas. Iyakar naka ke nan. Kada ka cusa tsinke ko cokali a ramukan don ka danne makunnin.

Abin da na gani a shagon mai gyara

A wani watan azumi tamu ta yi mana haka, daidai lokacin da ake buƙatarta don ɗumamen sahur. Ɗan ƙanena, wanda ya fara koyon gyaran waya yana jin kansa injiniya, har ya kwance ƙusa biyu a baya kafin uwargida ta kira ni.

Ya ce, "Baba, ai na zare daga wuta, ba abin da zai faru."

Na ce ya mai da su yadda ya gan su. Da safe muka ɗora ta a babur mai ƙafa uku zuwa wurin wani dattijo mai gyaran kayan lantarki, na tafi da yaron don ya gani da idonsa.

Dattijon ya fara da kofin ruwa, kamar yadda na faɗa maka. Shiru, ba gurnani, ba zafi. Ya zare fulogin, ya sa shi a aljihun rigarsa da sauran wayar na reto, don kada wani yaron shago ya jona bisa kuskure. Ya cire agogon hannunsa da zoben azurfa ya ajiye. Ya kwance murfin a natse, abin da ya ɗauke shi minti uku ko huɗu. Sannan, kafin ya taɓa kome, ya ɗauko wata sanda mai kaurin mariƙin roba, da waya a jikinta mai ɗan maƙali a ƙarshe. Ya maƙala wayar a jikin ƙarfen akwatin, ya mai da hannunsa na hagu baya, ya kai bakin sandar kan ƙafar kafasita.

Tas! Wani shuɗin tartsatsi ya tashi, har yaron ya ja da baya ya taka mini ƙafa.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Samari, ka ga fulogi a aljihuna ko? To wannan wutar daga ina ta fito?"

Ga bayanin. Kafasita randa ce ta wuta. Masu ƙera ta sun san haɗarinta, don haka sukan sa wani ɗan abu a cikin gwangwanin da ke tsiyayar da wutar a hankali, ta ƙare cikin kamar minti ɗaya bayan an kashe. Amma shi ɗan abin nan yakan mutu, kuma ba wata alama da za ta nuna maka daga waje. In ya mutu, randar na nan cike da sama da bolt 2,000, tana jiran wanda zai haɗa mata hanya. A tamu ya mutu, ba mu sani ba. Dattijon ya sake taɓa ƙafafun biyu, kowace da jikin akwati, sannan ya haɗa su da juna, ya bar waya a maƙale tsakaninsu duk tsawon aikin.

Sai ya bi sassan da mita, na'urar na kashe. Ya auna ƙafafu biyu na maganetiron: ya kamata su nuna ƙasa da om ɗaya a tsakaninsu, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da jikin ƙarfen. Suka nuna daidai. Ya duba fis ɗin babbar wuta, wanda ke cikin wani dogon kwanson roba tsakanin taransifoma da kafasita: lafiya. Dayod kuwa mita ta yau da kullum ba ta iya gwada shi, domin ƙananan dayod ne da yawa a jere a ciki, sai ya haɗa shi da batir mai bolt 9, ya ga wuta na wucewa ta fuska ɗaya, ba ta wucewa ta ɗayar. Shi ma lafiya.

Ashe laifin na ɗan maƙalin waya ne da ke shiga ƙafar maganetiron. A cikin maganetiron akwai zare da sai ya yi ja kafin aiki ya fara, kuma ko da yake bolt uku da ɗoriya kawai yake ci, wutar da ke bi ta wurin mai yawa ce, wajen amfiya 10. Maƙalin ya saki kaɗan, ya yi ta zafi, ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, har ya daina isar da kome. Ya yanke shi ya sa sabo, ya kankare ƙafar, ya canza kafasitar da wata mai adadi daidai da wanda ke rubuce a jikin tsohuwar. Ya kuma kakkaɓe gawar kyankyasai biyu daga bayan taransifoma. Ɗumi da ɓurɓushin abinci ke jawo su, kuma su kansu sukan haɗa wuta su kashe fis. Sai da ya mai da murfi ya ɗaure kowace ƙusa sannan ya fito da fulogi daga aljihu. Ruwa ya tafasa kafin minti biyu da rabi.

Na kawo wannan dalla-dalla ba don ka kwaikwaya ba. Na kawo ne don ka san mai gyaran kirki in ka gan shi. Wanda ya buɗe murfi ya zura hannu kai tsaye, ko ya kunna na'ura a buɗe yana zungurar ciki da testa, ɗauki kayanka ka yi gaba. Haka wanda ya tarar da fis ya ƙone ya ce zai ɗaure wurin da zaren waya, ko ya ce makunnin ƙofa ya lalace bari ya haɗe shi kai tsaye. Fis bai ƙonewa sai da dalili. Makunni na uku kuwa an sa shi ne musamman don ya kashe fis in sauran sun kasa, domin kada na'ura ta yi aiki ƙofa a buɗe.

Sassan da ba a taɓawa

Kafasita ka riga ka ji labarinta. Amma ka sani haɗarin bai tsaya a gwangwanin ba. Duk wayar da ta fito daga jikinta, da dayod, da ƙafafun maganetiron, a haɗe suke da ita. Taɓa ɗaya kamar taɓa ta ne.

Taransifoma shi ne mafi muni in na'ura na jone. Mutane kan ce ai an sha jan su da wuta ba su mutu ba. Wannan ba irin waccan ba ce. Bolt 2,000 ne, tare da ƙarfin da ya ninka abin da ke tsai da zuciyar mutum sau da yawa, kuma yana ci gaba da turowa muddin fulogi na soket. Ba sai ka taɓa ba ma. In yatsa ko bakin sukundireba ya matso sosai, wutar kan yi tsalle ta same shi. Silifas ɗin roba ba ya tare ta, safar hannu ta wanke-wanke ba ta tare ta. Testa da mitar da ake sayarwa a kasuwa an yi su ne don abin da bai wuce bolt 500 zuwa 1,000 ba, a nan wutar ratsa su za ta yi ta shiga hannu. Sababbin na'urori marasa nauyi, waɗanda aka rubuta wa Inverter a gaba, ba su da wannan dunƙulen ƙarfe, allo ne mai ƙananan kaya a madadinsa, amma wutar da yake fitarwa ita ce dai dubu huɗun nan.

Maganetiron yana da nasa sharrin ko bayan an cire shi. Yakan yi zafin da zai sale fata bayan aiki. Maganaɗisu biyu masu kama da zobe da ke jikinsa suna da ƙarfi, sukan datse yatsa, kuma in sun fashe ɓaraguzansu na da kaifi. A wuyansa akwai wani tangaran fari ko ruwan hoda. Kada a fasa shi, kada a goga shi a dutse, kada a shaƙi ƙurarsa. Kunna shi a waje da akwatinsa kuwa hauka ne tsantsa, domin igiyoyin nan yadda suke dafa nama a faranti haka za su dafa na jikin mutum, ido kuma ya fi kome saurin lahanta.

A nan ya kamata a kwantar da wani tsoro da ba shi da tushe. Igiyoyin ba sa zama cikin abinci, ba sa taruwa a akwati. Da an kashe sun ƙare, kamar yadda haske ke ɗaukewa in an kashe fitila. Abin da ke tsare su lokacin aiki shi ne bangon ƙarfe da ragar nan mai ƙananan huji da ke jikin gilashin ƙofa. Saboda haka ƙofar da ta lanƙwashe, ko ragar da ta yage, ko bangon ciki da tsatsa ta huda, dalili ne na daina amfani da na'urar ko da tana zafi.

A bangon ciki, galibi ta dama, akwai wani ɗan falle mai ruwan azurfa kamar kwali. Amare da yawa sun ɓamɓare shi suna zaton ragowar kwalin shago ne. Murfin tagar da igiyoyin ke fitowa ne, yana hana tururi da maiƙo shiga wurin maganetiron. Shi kam kana iya goge shi a hankali, bayan ka zare fulogi. In ya ƙone ya yi baƙi yana tartsatsi, a canza shi, ba shi da tsada; barinsa haka shi ke kashe maganetiron a ƙarshe. Sauran masu kashe shi su ne kwanon silba da samira da faranti mai bakin zinariya, da kuma kyakkyawan leshin nan da ake lulluɓe akwatin da shi don ado, ya toshe ramukan shan iska.

In mai gyara ya ce maganetiron ko taransifoma ne ya mutu, tambayi kuɗin kayan da na aiki, ka gwada da kuɗin wata na'urar kafin ka amince, domin su biyun nan su ne masu tsada. In ka yanke shawarar rabuwa da ita, kada ka jingine ta a bayan ɗaki inda yara za su kwance ta neman maganaɗisu. Datse wayar fulogin daga gindi, ka bar murfin a ɗaure, kuma in mai sayen gwangwan ya zo ɗauka, gaya masa akwai gwangwani mai riƙe wuta a ciki, ya kai wa mai gyara ya sauke ta kafin ya sa guduma.